Sankara a Goron Goggo Iyatu

A shekarun da Dahomai ta samu kanta, duk wanda ke cin goro a kasuwar Arzeke ta Faraku ya san sunan Goggo Iyatu, amma kaɗan ne suka san fuskarta. Tun rasuwar maigidanta, daga tsakar gida take juya fatauci. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ɗan ƙanenta ta ɗauko riƙo tun yana yaye, Ɗanbala, shi ne ya zama ƙafarta da bakinta a Jugu, inda goron Gwanja ke sauka kafin ya bazu arewa.

Ba dare ɗaya ta sakar masa ragama ba. Farkon zuwansa Jugu, gemu bai ko fito masa ba, ta kama kunnensa ta ce, "Abin da na ce, shi kaɗai. In na ce huhu biyu, ko kyauta aka ba ka na uku, kada ka taɓa." Da ta ga ba ya ƙari ba ya ragi, sai ta koma cewa ya je ya gani ya zo ya ba ta labari. Nan ne daɗin duniya ya sauka a gidan. Kowace Juma'a sai ga shi buɗu-buɗu da jan ƙasar hanya, ya zauna a bakin tabarmarta, tana tuƙa tuwon doya yana zuba: wane ya sauko da farin goro, wane nasa ya bushe, wane ya yi faɗa da dillali har rawani ya warware. Wata rana ta katse shi, ta ce, "To kai, da kai ne, me za ka yi?" Ya yi in-ina, ya faɗi. Ta ƙi shawarar. Ta gaba ma ta ƙi. Daga baya ta fara karɓa, har ta kai ga ce masa ya yanke da kansa, ya dai aiko mata kafin kaya su bar hannunsa.

Ranar da aka ɗaura aurensa da Sakinatu, 'yar Jugu, Goggo Iyatu ta faɗi magana ta ƙarshe a gaban dangi: "Saya, sayar, yadda ka ga ya dace. In mun haɗu ka gaya mini." Aka yi guɗa. Ba ta san da bakinta ta kulle ƙofar Juma'arta ba.

Wanda ba ya bukatar izini, me zai kawo shi kowane mako? Ciniki ya haɓaka, gidan kuwa ya yi tsit. Ta kan dafa tuwon mutum biyu, ta ci loma uku, ta aika wa maƙwabta saura. In jirgin ƙasan Kwatano ya yi kuka daga tasha, sai ta ji kamar a ƙirjinta yake kukan. Ɗanbala ba ya zuwa sai kaya sun ƙare, ya taƙaita mata labarin watanni kafin shayi ya huce, ya ce mota na jira.

Wata safiya cikin damina Tambaya direba ya yi sallama. Shi ke jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin garuruwan biyu, shi ke kai saƙo.

"Goggo, an gaishe ki. Angon naki Ɗanbala ya yi ƙiba, wallahi sai da na ce ya biya kuɗin mutum biyu."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka ce masa daga yau kada ya sayar da ko huhu ɗaya sai ya zo nan, baki da baki, na ce masa e."

Tambaya ya cire hula ya sosa ƙeya. "Wani abu ya yi?"

"Kai saƙo aka ba ka, ko alƙalanci?"

"Bon. Na ji, Goggo."

Ta share ɗakin Ɗanbala, ta shanya tabarmarsa, ta zauna jira da farin cikin da take jin kunyarsa.

Bai daɗe ba kuwa ya zo. Ya shigo da hantsi, wando duk taɓo har gwiwa, idanu sun yi ja. Zuciyarta ta yi tsalle kamar ta budurwa. Amma bai zauna a bakin tabarma ba. Can nesa ya durƙusa, inda masu neman alfarma ke durƙusawa. Ya kwance bakin hankici, ya ɗauki goro ɗaya, fari tas, ya ɓare shi da babban yatsa, ya miƙa mata. Ciki ya yi baƙi, ga hanyar tsutsa ta bi ta ratsa.

"Sankara," in ji ta a hankali.

"Sankara, Goggo. Da na buɗe huhuna zan canza ganye na yayyafa ruwa, sai na gan ta a ɗaya. Na tsince, na ware. A ranar akwai wani Bazabarme daga Gaya, na nuna masa komai, ya ce zai kwashe masu kyau duka a farashin da ba za mu yi kuka ba, amma motarsa za ta tashi da azahar. Na ce sai na je Faraku. Ya yi dariya. Ya ce, 'Ashe yaro aka bar wa rumfa.' Ruwa kuma ya cinye hanya bayan Partago, muka kwana a taɓo. Kin san sankara ba ta jira. Abin da ban gani ba a sauran huhunan, yanzu ya yi nisa."

"Me ya hana ka sayar? Ai ka san abin da zan ce."

"Na sani. Amma kin karɓe maganar. Ke kika koya mini, ko kyauta aka ba ni kada na taɓa. Ba goron ne ya dame ni ba. Duk hanya ina ta lalube a raina, me na yi? Wa ya kawo miki sukata? In kin daina yarda da ni, gaya mini laifina, na gyara."

Ta dubi goron da ke tafin hannunta. Ga shi dai ta samu abin da ta nema, yana gabanta, kuma bai taɓa yi mata nisa kamar yau ba. Kalmar tana nan a bakinta, ƙarama ce: kewa. Amma bakin da ya saba da umarni bai iya ta ba.

"Ba ka yi komai ba," ta ce. "Ni ce na yi kuskure, asarar tawa ce. Tashi ka koma, ka ceci abin da ya rage. Saya, sayar, kamar da. Ka kuma sa Tambaya ya faɗa a tasha cewa maganar Ɗanbala maganata ce, don masu dariya su ji."

Ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe kamar gari bayan ruwa. Wannan washewar ta yi mata daɗi, ta kuma soke ta.

"Ga tuwo a wuta," ta ce.

"Kamiyon zai juya yanzu, Goggo. In na rasa shi, sai jibi."

"Haka ne. Goro ba ya jira."

A bakin zaure ya waiwayo, yana murmushi irin na yarintarsa. "To zuwa gaishe ki fa? Yaushe kike so na riƙa zuwa?"

Da ta ce Juma'a, da ya zo kowace Juma'a, ko ana ruwan ƙanƙara. Ta san haka sarai. Ta kuma san da wace fuska zai riƙa zuwa.

"Wannan ma na bar maka," ta ce. "Yadda ka ga ya dace."

Ta saurari takunsa har ya ɓace cikin hayaniyar kasuwa. Sannan ta koma madafa, ta kwashe tuwon a kwano biyu kamar yadda hannunta ya saba, ta rufe ɗaya da faifai.