Tsakuwa a Ƙodar Suhaibu

Bappayo ya yi wa ƙanensa ƙazafi, kuma a bainar jama'a ya yi shi.

Ƙanen, Suhaibu, mai buga bulo ne a Kagarawal, yini yake a rana bai damu da shan ruwa ba. Ran nan ciwo ya soke shi a kwiɓi, yana lafawa yana dawowa, har ya gangara mara da maraina. Ya kasa zaune ya kasa kwance, ga amai, ga jini a fitsari. Da Bappayo ya ji inda ciwon ya sauka, sai ya ce wa maƙwabta a ƙofar gida, "Ciwon bin mata ne. Ba zan kai shi asibiti ya kunyata mu ba."

Sai da zazzaɓi ya rufe Suhaibu mahaifiyarsu ta tilasta wa Bappayo. A asibiti aka gwada fitsari, aka ɗauki hoto.

"Tsakuwa ce ta baro ƙoda ta maƙale a hanyar fitsari, shi ya sa ciwon ke gangarowa," in ji likita. "Ƙarama takan fita da maganin kashe ciwo da shan ruwa. Amma tunda zazzaɓi ya shigo, ƙodar na cikin haɗari, sai an kwantar da shi an buɗe hanyar. Malam, me ya tsayar da ku?"

Bappayo ya sunkuyar da kai.

Suhaibu ya warke. Da aka sallame shi ya kwashe iyalinsa ya koma Pantami, har yau bai sake taka gidan yayansa ba.