Tari na Huɗu

A ajin masu karatun haɗa magunguna Rikoda suke ce mata, kuma ba ta jin haushin sunan. Shafukan da malami ke haskawa a allo, ɗari biyu da 'yan kai, duk suna kanta: sunan magani, ciwon da yake yi wa aiki, yawan da ake sha. Ka tashe ta daga barci ta zubo maka su kamar famfo.

Shi ya sa ranar da ta shiga ɗakin karatu da hantsi ta tarar da ƙawarta, wadda ake kira Gajeriya, ta buga shafukan a takarda tana yanka su da almakashi, sai da ta riƙe baki.

"Ke kuma ɗinki kika koma?"

"Kaina ba ya ɗaukar jerin nan," in ji Gajeriya. "Malam ya jera su ciwo-ciwo. Ni kuma ina tara su bisa abin da suke yi a jiki. Masu toshe abu ɗaya, tari ɗaya. In na gane tarin, na gane 'yan cikinsa da illarsu. Zauna ki taya ni."

Rikoda ta zauna, don dai ta nuna mata aikin banza ne. Aka miƙo mata ibuprofen daga shafin zazzaɓi da ciwon kai.

"Tari na huɗu," in ji Gajeriya. "Masu hana jiki yin sinadarin prostaglandin. Shi ke kawo zafi da kumburi, amma kuma shi ke kare bangon ciki. In ka kashe shi, ciwo ya lafa, ciki ya zauna ba kariya."

Diclofenac ya fito daga shafin ciwon gaɓoɓi. Tari na huɗu. Aspirin ya fito daga can shafin zuciya, nisan shafi sittin. Rikoda ta ajiye shi da hannunta a tari na huɗu, sai hannun ya ƙi dawowa.

Ta san ukun nan a jere. A kan tagar ɗakin Babanta suke, kusa da kwalbar man keken ɗinkinsa. Aspirin likitan zuciya ya ɗora shi a kai. Diclofenac daga asibitin ƙashi, saboda gwiwar da taka keke ta cinye. Na ukun kuwa, ibuprofen, ita ta kai masa, mako uku da suka wuce, da ya ce kansa na sara. Har ta rubuta masa a jikin kwalin da kyakkyawan rubutunta: sau uku a rana.

Duk illolin nan ta haddace su, kowanne a shafinsa, ba ta taɓa haɗa su a cikin mutum ɗaya ba.

Ta kira gida.

"Mama, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Ciki ne dai ke damunsa, sai jiri in ya miƙe. Ya ce gajiya ce."

"Bayan gidansa fa? Wane launi?"

"Ke, wace irin tambaya ce wannan ga ubanki?"

"Mama, don Allah!"

Mama ta je ta tambayo shi. "Ya ce baƙi ƙirin, kamar kwalta. Kwana biyu ke nan."

"Innalillahi! Jini ne, Mama, jini yake zubarwa a ciki. Kar ya ƙara shan komai. Ku kwashe magungunan tagar nan duka, ku tafi asibiti yanzu. Yanzu!"

Ko jakarta ba ta ɗauka ba. Gajeriya ce ta biyo ta da ita har bakin titi.

Rikoda ta sami Baba a ɗakin taimakon gaggawa, an sa masa ruwa, ana jiran jini. Mutumin da ke cika shago da dariya ya yi fari fat, leɓɓansa sun bushe. Likitar, wata doguwar mata mai gilashi, ta jera kwalayen uku a kan tebur tana jujjuya su.

"Jikinsa ya kusa rasa rabin jininsa. Waɗannan biyun na ga takardunsu, ko su ma bai kamata a haɗa ba tare da maganin kare ciki ba. Wannan na ukun wa ya ba shi?"

Baba ne ya ɗago hannun da ba allura, ya nuna ta, yana murmushi da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"'Yata ce, likita. Karatun magani take yi. Ita ce ta ɗaya a ajinsu."

Likitar ta dubi rubutun jikin kwalin, ta dubi Rikoda, ta ture kwalin gefe.