Kaluluwa a Wuyan Mahamat

"Ba zan ba shi ba," na ce.

Baba Kaumi, wan mahaifinmu, yana tsaye a bakin ɗakin Inna, ya miƙo mini ƙwayoyin a cikin leda. Hannunsa ya tsaya a sama. Tun rasuwar babanmu ba wanda ya taɓa ce masa a'a a gidan nan, balle mace, balle ni da ya yi wa huɗuba da bakinsa.

"Afrah, da ni kike?"

"Da kai nake, Baba. Likita ya ce a tsayar."

"Likita ya ce. To ni na ce a ba shi. Ba ke kika gwada jinin da hannunki ba? Me kika gani?"

"Jininsa ƙalau."

"To!" Ya waiwaya wajen Inna Yakaka, mahaifiyarmu, wadda ke zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa ba tare da ta kalli kowa ba. "Kin ji da kunnenki. Jininsa ƙalau."

Yayana Mahamat yana kwance a ɗakinsa yana jin mu. Dillalin shanu ne a tike, babbar kasuwar shanun Mubi, ƙato ne mai yawan dariya. Tun farkon damina wani ƙullutu ya fito masa a gefen wuya, sai wani a hammata. Ba sa ciwo. In ka taɓa sai ka ji su da tauri irin na roba, suna gocewa ƙarƙashin yatsa. Daga baya zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, gumi ya riƙa jiƙe zanin gadonsa, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu.

Ni na karanta aikin gwaje-gwajen asibiti a Maiduguri, kuma ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji cikin gari. Ranar da na ɗebi jininsa na san abin da nake tsoron gani. Sankarar jini ce ta kashe babanmu, wadda likitoci ke kira lukimiya. Ita daga ɓargo take tashi, inda ake ƙera jini, don haka a jini take nuna kanta. Fararen ƙwayoyin jinin babanmu sun yi yawan da ya wuce hankali, kuma yawancinsu ɗanyu ne da ba su nuna ba. Jajayen sun yi ƙasa har tafin hannunsa ya zama fari. Masu tsayar da zubar jini sun kusa ƙarewa, dasashinsa yana jini, fatarsa duk tabo. Kwalbar jini ɗaya ta isa likita ya kira mu gefe, gwajin ɓargo tabbatarwa kawai ya yi.

Na Mahamat kuwa, farare daidai, masu tsayar da jini daidai, jajaye sun ɗan ragu kaɗan. Na shafa jinin a gilashi na duba a madubin gwaji har idona ya yi yaji. Babu ɗanyar ƙwaya ko ɗaya. Na yi hamdala, na gaya wa gida, kuma gidan ya riƙe wannan magana gam. A wurinsu sankara abu ce da ake gani a jini, tunda haka suka ga ta babanmu. Jini ya fito ƙalau, ke nan magana ta ƙare.

A nan ne Baba Kaumi ya kawo dekisa, wani maganin kumburi. Duk wanda ya yi harkar shanu ya san ta. In sa ya kumbura ko ya ƙi cin abinci gab da ranar kasuwa, a yi masa ita, kumburi ya saɓe, ya miƙe yana kiwo. Baba ya sayo ta mutane a kemis. Cikin 'yan kwanaki ƙullutun wuyan Mahamat ya kwanta, zazzaɓi ya ɗauke, ya cinye tuwo har da neman ƙari. Inna ta yi sadakar ƙosai.

Ni ce na ja shi wurin Dakta Zira duk da haka. Ya laluba wuya da hammata da matsematsi, ya danna cikinsa, ya karanta sakamakon jinin, sannan ya ji labarin ƙwayar. Sai ya ajiye alƙalami.

"Wa ya ba shi wannan?"

"Baba Kaumi, wan babanmu."

"Afrah, ke kin sani. Jini mai kyau ya rage tsoron lukimiya, bai ce komai a kan limfoma ba. Ita ma sankara ce, amma a cikin kaluluwa take zama, jini yana iya fitowa lafiya lau tana nan tana girma. Zai iya zama tarin fuka ne na wuya, zai iya zama ita. Maganinsu ba ɗaya ba. Sai an ciro kaluluwa guda sukutum an aika Yola an yanka an duba." Ya juya ga Mahamat. "Wannan ƙwaya tana narkar da abin na ɗan lokaci, ba ta kashe shi. In na yanka yanzu, mai dubawa zai iya rasa abin da zai gani. Tunda kwana kaɗan ka sha, ka tsaya daga yau. Mu jira ta dawo."

"Ta dawo?" in ji Mahamat. "Likita, wato in koma rashin lafiya da gangan?"

"I. Amma in numfashi ya fara yi maka wuya, ko fuska ta kumbura, ku zo nan take, kada ku jira komai."

Abin da na tsaya a kai ke nan a gaban Baba Kaumi. Ya jefa ledar a kan tabarmar Inna.

"Yaro ya samu sauƙi, ke kina so a yanka masa wuya. Bokon ke nan? Mun kai ki makaranta ki dawo ki nemo mana ciwon da babu?"

"Yana nan, Baba. Ɓoyewa ya yi."

Ya fita bai yi sallama ba.

Ciwon ya dawo kamar yadda aka ce, kuma ni ce na zauna ina kallon dawowarsa. Kowace safiya ina shanya zanin gado jiƙe sharkaf, ruwan sama ya hana shi bushewa. Ƙaiƙayi ya kama Mahamat, yana susa har ƙafafunsa suka yi sawun farce. Abokansa na tike suna zuwa da laka a takalma, su zauna su yi masa ba'a.

"Dillali, an ce ƙanwarka ta hana ka abin da ko bijimi ba a hana shi."

"Ai ita likitar gidan ce," in ji shi, bai yi dariya ba. "Jira take in nuna, kamar mangwaro."

Kullum kafin in tafi aiki sai na taɓa wuyansa, in saurari numfashinsa. Ya daina kallona in ina yi. Matan dangi suka riƙa shigowa duba shi, su gaishe da Inna, su tsallake ni. Wata gwaggonmu da ta zo daga Maiha ta faɗa da ƙarfi don in ji, wai akwai 'yan mata da karatu ke busar musu da zuciya. Na ci gaba da wanke kofuna. Ban sunkuyar da kai ba.

Da ƙullutun ya kai girman goro, Dakta Zira ya sa ranar Alhamis. Ranar Talata na dawo da wuri saboda an ɗauke wuta a wurin aiki. Na tarar da Inna a kicin, ta juya wa ƙofa baya, tana murƙushe wani abu da bayan cokali a kan faranti. Kofin kunun gyaɗa yana gefenta.

"Inna."

Ta zabura. Farin garin ya riga ya shiga kunun.

"Yau ne kawai," ta ce. "Wallahi yau ne na farko. Babanku Kaumi ya ce ko ɗaya ce a ba shi. Afrah, jiya bai runtsa ba. Na binne ubanku, ba zan zauna ina kallon wannan yana narkewa ba alhali ga magani a hannuna."

"Ba magani ba ne, Inna."

"Ya tashi da ya sha ko bai tashi ba?"

"Ya tashi. Zai sake kwanciya, kuma lokacin ba mu san sunan abin da ke cinsa ba."

Ta ɗauki kofin za ta wuce. Na tare ƙofa. Tunda nake ban taɓa tare wa mahaifiyata hanya ba. Na karɓi kofin daga hannunta, ta riƙe, na ja, kunu mai zafi ya zubo mini a yatsu. Na fita tsakar gida na tuttular da shi a magudanar ruwa.

Mahamat yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya dafa bango. Ya ga komai.

"In aka yanka aka ga babu komai fa?" ya ce.

"Sai in durƙusa a gaban Baba da kai da Inna, in nemi gafara a gaban kowa."

"In aka ga akwai?"

"Sai mu san da wa muke faɗa, Yaya."

Ya daɗe yana kallon kunun da ruwa ke ja. Sannan ya ce, "Alhamis ɗin. Bayan nan kada ki ƙara taɓa mini wuya."

Aka ciro kaluluwar, aka sa ta a kwalbar magani, ni na kai ta tashar motar Yola da kaina. Da sakamakon ya dawo, Dakta Zira ya ce limfoma ce, irin da ake kira Hojkin, kuma naman ya fito sarai, mai dubawa bai yi shakka ba. Ya ce irin wannan tana jin magani sosai, da yawa suna warkewa. Ya rubuta mana takardar zuwa babban asibiti a Maiduguri.

Yanzu Mahamat yana tsakiyar magani. Gashinsa ya zube, yana amai bayan kowane zuwa, amma wuyansa ya koma daidai kuma zanin gadonsa a bushe yake kwana. Ba mu san ƙarshe ba tukuna.

Ba wanda ya ce mini na yi daidai, ni ma ban nema ba. Baba Kaumi ya aiko cewa kada in ƙara taka gidansa, ko da salla, kuma a dangi ana faɗin cewa ni na tono ciwon da yake kwance. Mahamat yana barin in raka shi Maiduguri, amma a mota da direba yake hira. Inna tana amsa gaisuwata kullum da safe. Tun ranar Talatar nan ba ta ƙara ba ni wani abu hannu da hannu ba, sai dai ta ajiye a ƙasa in ɗauka.