Sai Kuɗin Sun Cika

A Zuru, in ka ce kangon Kofur, ko ɗan acaɓa zai kai ka. Kofur ɗin mahaifin Solomon ne, shi ya fara ginin da kuɗin sallamarsa na soja, ya kai shi linta kuɗi suka ƙare, ya rasu ya bar wa awaki. Solomon ya tashi yana jin sunan nan kamar ana zaginsa. Shi ya sa ranar da ƙanwarsa Sandra ta kira daga Ingila, inda take kula da tsofaffi, ta ce za ta riƙa turo fam ɗari biyu duk wata a rushe kangon a gina wa Mama gida, sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Ko bulo ɗaya ba za a aza ba sai kuɗin sun cika. Wanga gida ba za a sake yi mishi dariya ba."

Mamarsu Rebecca na zaman haya a ɗaki ɗaya tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu na wajen Ribah. Ba ta da dogon buri. Cewa take, ita dai ta kwana ƙarƙashin kwanon da babu mai zuwa ya tambaye ta kuɗin wata.

Joel magini ya yi lissafin ɗaki uku da falo, ya ce miliyan bakwai. Lokacin fam na kusa da naira ɗari bakwai, siminti kuwa bai kai dubu huɗu ba. Duk ƙarshen wata Sandra ta turo, a canza su zuwa naira, su faɗa asusun da Solomon ya buɗe. Ya ɗauki asusun nan tamkar rumbun dawa, a zuba a rufe, ba a buɗewa sai ya cika.

Sylvester mai shagon kayan gini ya taɓa tare shi bakin kasuwa. "Oga Solomon, sayi rodi da kwano ka ajiye, ka buga bulo. Naira ba ta jiran mutum."

Solomon ya yi dariya. A ransa ya ce ɗan kasuwa ai ciniki yake nema.

Sai naira ta fara zubewa. Abin takaicin shi ne Solomon murna ya yi. Fam ɗari biyun da ke ba da dubu ɗari da arba'in ta koma kusan dubu ɗari huɗu. In saƙon banki ya shigo har nuna wa Mama yake, ya ce Allah ya gajarta musu hanya. Bawan Allah yana kallon abin da ke shigowa, bai taɓa tambayar abin da ke cin wanda ke kwance ba.

Bayan shekara uku da 'yan watanni miliyan bakwai ta cika. Ya sa rigarsa ta coci ya tafi wurin Joel. Joel ya sosa ƙeya.

"Siminti ya kai dubu goma. Kwano da rodi kar ma ka tambaya. Yanzu sai sha biyar."

"To wanga da ke hannu ina zai kai mu?"

"Linta," in ji Joel.

Daidai inda ginin Kofur ya tsaya ke nan. Da ya kira Sandra ya gaya mata, ya ji tana danna waya tana lissafi. Can ta ce, "Yaya, abin da na turo ya kusa fam dubu takwas. Da a fam na bar su, da yau sun kusa sha biyar ɗin." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce laifinsa ba ne, don ita ma ta yarda da tsarin tun farko. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ta ce a fara da abin da ke akwai, ko ɗaki ɗaya ne a rufa wa Mama. Ya ƙi. Ya ce a ƙara haƙuri, naira za ta farfaɗo. Nairar kuwa ta ɗan farfaɗo na 'yan makonni, abin da Sandra ke turowa ya ragu a naira, kayan gini kuma ba su sauko yadda suka hau ba.

Da damina Mama ta kwanta. Kwana kaɗan ta yi a asibiti ta ce a mai da ita gida, aka mai da ita ɗakin haya, nan ta cika.

A filin kangon aka binne ta, don shi kaɗai ne nasu. Solomon ya je banki, karo na farko, ya ciro daga kuɗin da ya hana a taɓa. Sylvester ya loda masa siminti. Joel ya ɗaure kabarin da bulo, ya yi masa filasta, ya kafa gicciye, Sandra na kallo ta waya tana kuka a ɗakin hutun ma'aikata.

Kafin la'asar Joel ya wanke cebur ɗinsa ya ce, "An gama."

Solomon ya tsaya yana kallon ɗanyen simintin. Tun zamanin Kofur, wannan ne gini na farko da gidansu suka fara aka gama.