Hukuncin Gonar Kawu Alkasum

Shekarar farin tamanin da huɗu, na zo hutu Damagaram daga Yamai inda nake karatun shari'a, sai ga Kawu Alkasum daga Zermu, fuska wasai kamar ango. Mutumin da wuyansa ya koma tsinke, amma yana dariya.

"Wasila, na ci!" in ji shi. Ya miƙo mini hukuncin tirbinal na Zinder, babbar kotun nan Damagaram.

Labarin gajere ne. Illa, ɗan ƙanin ubansa, ya shige masa gonar fadama. Jujin Mirriya, wato alƙalin can, ya ba Illa gonar a gaban idon Kawu. Kawu ya tafi Kano dako don yara su ci, da ya dawo ya ɗaukaka ƙara. Wani mai rubutun wasiƙa a ƙofar kotu ya karanta masa shafin farko, ya ji an ce gonar gādon ubansa ce, ya sallami mutumin ya taso.

Na ɗauko farar takarda na raba ta gida huɗu, yadda mushenmu, malaminmu na shari'a, ya hore mu har muka tsane shi. Gidan farko, abin da ya faru: wa ya kai wa, me jujin farko ya yanke. Nan na gane maganar gādon ba bakin alƙali ba ce. Da'awar Kawu ce aka maimaita, a ƙasa kuma ga ta Illa.

Gida na biyu, tambayar da kotu ta sa a gabanta. Na nemi "gonar wa ce?" har ƙarshe, babu. Abin da ta tambaya shi ne ko an ɗaukaka ƙarar cikin wa'adi.

Na uku, abin da ta yanke, yana can ƙasan shafin ƙarshe inda mai wasiƙa bai isa ba: ba a karɓi ƙarar ba, hukuncin Mirriya na nan daram.

Na huɗu, dalili. An yanke a Mirriya Kawu yana tsaye, wa'adi ya fara gudu tun ranar, ya ƙare bai zo ba. Na duba lissafinsu ko zan sami kuskure. Wallahi na so in samu.

Na karanta masa da Hausa, gida gida. Ban taɓa ƙin karatuna ba kamar ranar.

"To juji ya ce ba tawa ba ce?"

"Bai duba ba, Kawu. Ya ce ka makara."

Ya daɗe yana murza gemu.

"Gidan nan na farko, ɗiyata. Ƙara layi guda. Ki ce ina Kano ina ɗaukar buhu, yara ba su da ko dusa."

"Ba a sa abin da ba ya cikin hukuncin, Kawu."

"Ai na faɗa musu."

Na sāke bin shafukan da yatsa, shi ma yana bi da ido alhali bai iya karatu ba. Ba su rubuta ba.