Giram Hamsin na Kaza

Ranar da aka ce ƙodar mijinta ta fara gazawa, Malama ba ta yi kuka a asibiti ba. Biro ta ciro. Shekararta goma sha tara tana koyar da lissafi a sakandare, in abu ya fi ƙarfinta rubuta shi take yi.

Likitar abinci, wata doguwa mai tabarau, ta miƙo mata takarda. "Nauyinsa kilo saba'in, don haka furotin giram hamsin da shida a yini, kada ya wuce. In ya yi yawa, ƙodar ce za ta sha wuya. Amma kada ki rage kalori, sai ya rame. Abincin rana ya zama kalori ɗari shida, furotin ashirin da huɗu."

Mijin, mai walda ne da ya saba cin rabin kaza a tsaye, ya yi dariya. "Likita, matata kika ba lissafi? Ai na shiga uku."

Washegari ta sayo ƙaramin sikeli ta zauna a teburin kicin. Takardar ta ce dafaffiyar shinkafa giram ɗari tana da kalori ɗari da talatin, furotin uku. Tsokar kaza giram ɗari, kalori ɗari da saba'in, furotin talatin. Cokalin mai da ɗan albasa sun ci kalori ɗari da ashirin da biyar, furotin ɗinsu bai kai a ƙirga ba, saura ɗari huɗu da saba'in da biyar. Ta sa wa shinkafa S, kaza K, kowane ɗaya yana nufin giram ɗari, ta rubuta:

3S + 30K = 24
130S + 170K = 475

Ta raba layin farko da uku, S ya zama 8 − 10K. Ta zuba shi a na biyu, aka bar ta da 1130K = 565. K rabi ne, S uku. Shinkafa giram ɗari uku, kaza giram hamsin.

Ta ɗora kazar a sikeli. 'Yar tsoka ce da ba ta cika tafin hannu ba. Ta yayyanka ta ƙanana, ta baza a kan shinkafar don ta cika ido.

"Malama, kazar nan gudu ta yi ta bar sawunta?" in ji mijin.

"Ci dai, Baban yara. Sawun ma a aune yake."

Haka suka yi wata huɗu. In kifi ta samu, ta sake lissafi. In ƙwai ne, ta sake. Kafin ta fita makaranta ta gama auna komai, ta zuba masa na rana a kula ya tafi da shi shago. Ita ma ta daina cin nama a gabansa.

Wata Asabar yayarsa ta zo duba shi. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau in ta yi magana ƙasa yake kallo. Ta tarar da Malama tana cire ɗan yankan nama daga kan sikeli saboda ya haura da giram shida.

"Me nake gani? Zinariya ce ake aunawa?"

"Yaya, likita ce ta ce..."

"Likita ce ta ce ki kashe min ƙane da yunwa? Mutum yana dukan ƙarfe tun safe, ki ba shi abin da kyanwa za ta raina? Ke komai allo ne a wurinki."

Malama ta ɗauko takardar za ta nuna mata. Yaya ta ture hannun. "Riƙe bokonki." Shi kuwa yana zaune a falo, ya ƙara muryar rediyo.

A wata na shida gwaji ya fito da muni. Likitar abinci ta juya takardun, ta cire tabarau.

"Fitsarin da ya tara na yini guda ya nuna yana cin furotin kusan giram casa'in. Hamsin da shida muka ce. Wa ke auna abincin?"

Malama ta juya ta dubi mijinta. Yana wasa da makullin babur.

"Ita ke aunawa," ya ce.

"Malama, ko ɗanya kike aunawa maimakon dafaffiya? Ko sikelin ne? Mutane da yawa suna rikicewa, ba abin kunya ba ne."

Ta buɗe littafinta, kwana ɗari da tamanin, kowace rana da layinta. Likitar ta bi shafi uku da yatsa, ba ta sami kuskure ba. Malama kuma ta riga ta gama nata lissafin a ka. Casa'in a cire hamsin da shida, saura talatin da huɗu. A raba da talatin, nama ne fiye da giram ɗari, kullum, wanda bai bi ta kicin ɗinta ba.

Suka koma gida. Ran Litinin ta nemi izini bayan darasi na huɗu, ta nufi shagon. Ta same shi a bayan ƙofar ƙarfen da yake haɗawa, zaune a kan bokiti, cinyar kaza a hannu, romo har gwiwar hannu. Kular Yaya ce a buɗe a gabansa, mai jan murfi. Tata tana gefe, an cinye, an rufe.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwanta." Ya goge baki. "Malama, in na mayar mata, kuka take yi. Ta ce ta raine ni ban taɓa ƙin abincinta ba."

"Ni kuma a gaban likita ka ce ni ke aunawa."

"To ƙarya na yi? Ke ke aunawa."

Ta tsaya tana kallonsa, ga ƙafafunsa sun kumbura har sun cika takalmin. Ta ɗauki kularta ta koma makaranta, ta shiga aji ta koyar da darasi na bakwai.

Ya yi rantsuwa ya daina. Wataƙila ya daina ɗin, ba ta sake zuwa dubawa ba. Kafin shekara ta zagayo aka fara yi masa wankin ƙoda, sau uku a mako. Likitan ƙoda ya ce da ma ciwon can ya nufa, babu mai iya cewa naman ya rage masa wata nawa. Wannan maganar ta fi komai ci mata rai, don ko hujjar yin fushi ba a bar mata cikakkiya ba.

Likitar abinci ta ba ta sabuwar takarda. "Yanzu abin ya juya. Injin yana kwashe furotin, sai an ƙara masa. Na rana ya koma talatin da bakwai, kalori yana nan."

Ta zauna a teburin nan ta sake warwarewa. Kaza giram ɗari, shinkafa kusan ɗari biyu da talatin da biyar. Ta zuba, ta kai falo, inda dangi suka cika kujeru sun zo sannu.

Yaya ta leƙa farantin, ta tafa hannu. "Alhamdulillahi! Kun gani? Yau likitocin da kansu sun ce a ba shi nama. Abin da nake faɗa ke nan tun bara. Da an ji tawa, da yaron nan bai kai ga inji ba."

Wata gwaggo ta gyaɗa kai. Wani ƙane ya sunkuyar da nasa.

Malama ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira. Ya gyara filastar da ke hannunsa, ya jawo farantin.

"Yaya, bar maganar," ya ce a hankali. "Ai ta yi iya ƙoƙarinta."

Ta koma kicin. Akwai takardun jarrabawa arba'in da biyu da ba ta duba ba, ta jawo na sama ta ɗauki jan biro.