Awa Huɗu Don Minti Bakwai

Mako biyu babbar nas tana bin marasa lafiya da agogo, daga karɓar kati zuwa ɗakin likita. Ta gano jiran awa huɗu ne, ganin likita kuwa minti bakwai. Kowa ƙarfe takwas ake ce masa ya zo.

Ta rubuta shawara: a raba lokutan zuwa, a fito da fayiloli tun jajibiri, a gwada wata guda a sake aunawa.

Shugaban asibiti ya ce, "Sista, gwada mu gani."

Ana cikin gwajin, wata tsohuwa ta fito daga ɗakin likita kafin tara, tana riƙe da kular abincin ranarta.

"'Yata, har an sallame ni? To, abincin nan fa?"

Nas ta ƙyalƙyale da dariya. "Mama, yau a gida za ki ci shi."